Tikitin Komawar Baba

Mijina mutumin kirki ne, amma ina jin ko likkafani za a saya masa sai ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai ragi. A layin masu sayar da fenti inda shagonsa yake ba mai kiransa da sunansa. Sai-An-Rage suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a kamar sarauta aka naɗa shi. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, wannan gaskiya ce, amma ban taɓa yar da gwangwanin madara bai tambaye ni ko na ɗauraye shi na zuba ruwan a shayi ba.

Mahaifina kuwa tsohon kafinta ne, kuma shi ma ba baya ba ne wajen ƙin asara. Ƙusa lanƙwasasshiya in ya gani a hanya sai ya tsince ta, ya miƙe ta da guduma, ya adana. Tun da Allah ya yi wa Innarmu rasuwa bara, shi kaɗai ya rage a gida, can garin da sai an wuni a jirgin ƙasa kafin a kai. Yayyena duk sun yi nisa. Ni ce auta, don haka da yanar ido ta rufe masa gani, wurinmu ya zo aka yi masa aiki, likita ya ce ya zauna kusa har idon ya warke.

To, tsakanin Baba da mijina akwai kunya irin wadda har takan ba ni haushi. Suna iya zama a falo ɗaya, gwiwa na kusan taɓa gwiwa, amma magana sai ta biyo ta kaina. Baba ya ce, "Auta, tambayi mijinki ko ya dawo lafiya." Mijina ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce wa Baba lafiya lau." Ni kuma ina tsakiya da tire a hannu, ina kai saƙon da kowa ya riga ya ji.

Ran da aka sallamo Baba daga asibiti, ido ɗaya a liƙe da bandeji, sai ga maigidan ya shigo yana washe baki, yana kaɗa wata takarda.

"Ki gaya wa Baba na sayo masa tikitin komawa," in ji shi. "Irin wanda ake saya tun da wuri. Bai kai rabin kuɗin na kullum ba! Sai dai a jirgin da aka rubuta kawai ake shiga da shi, ranar da aka rubuta, kuma ba a mayar da kuɗi. Amma ki dubi rahusar, don Allah."

Shi dai a ransa bajinta ya yi, yana jiran a sa masa albarka. Ni kuwa fuskar Baba nake kallo. Ya karɓi takardar, ya kawo ta kusa da idon da ke buɗe, ya daɗe yana dubawa alhali na san ba abin da yake gani sai hazo.

"Wato an tsayar da rana ke nan," ya ce. "Madalla. Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. A daren nan bai cinye abincinsa ba, ni kuma na ji kamar in ɗauki tiren in buga wa mijina a ka. Mutum ko zama bai gama yi ba an miƙa masa ranar tafiya.

Idon ya warke sarai. Abu na farko da Baba ya gani da sabon idonsa ba fuskata ba ce, ƙofar banɗakinmu ce. Ya tsaya a gabanta ya riƙe ƙugu.

"Wane maƙiyin Allah ne ya kafa wannan?"

Shekara da shekaru muna ɗaga ƙofar nan da ƙafa kafin ta rufu, har mun manta aibu ne. Baba ya kwance ta ya kwantar a tsakar gida, ya aike ni aron zarto, ya ɗaura tsohon zanena a ƙugu don kada rigarsa ta ɓaci. Na ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa yana aiki, abin da ban ƙara ji ba tun rasuwar Inna. Ana jibi tafiya ƙofar tana nan kwance, ya ce katakon sai ya sha iska.

"Ni dai ba zan tafi in bar mutane da banɗaki a buɗe ba," ya ce. "Auta, tambayi mijinki, takardar nan ana iya ɗaga ranarta?"

Washegari na raka maigidan tashar jirgi. A taga ta ƙarshe akwai wata mata mai tabarau da igiya a wuya, irin mutanen da suka ji kowane irin uzuri a duniya har sun daina mamaki. Ita ce mai tikiti. Ta duba takardar, ta danna na'urarta, ta ce ana iya sauya rana ko lokaci, matuƙar jirgin da aka rubuta bai riga ya tashi ba.

"Za ka biya kuɗin sauyi," ta ce. "Sannan tikitin sabuwar ranar ya fi naka tsada, domin masu arahar sun ƙare, don haka za ka cika bambancin."

"Kuɗin sauyi na me? Ai danna abu kawai kika yi."

"Dannawar ake biya."

"To nawa za ki bari?"

Ta sauke tabarau ta dube shi. "Malam, nan ba kasuwa ba ce."

"Ko'ina kasuwa ne, 'yar'uwa, in dai akwai fahimta."

Babu fahimta. Ya biya, yana zaro kuɗin ɗaya bayan ɗaya kamar ana cire masa haƙora. Da muka dawo ƙofar gida sai ya riƙo gefen mayafina.

"Kada ki gaya wa Baba an biya komai. Ki ce kyauta ake sauyawa."

Haka na faɗa. Baba ya ce lalle mutanen jirgi sun san ya kamata.

Ƙofa ta koma mazauninta, tana rufuwa shiru kamar ta banki. Amma kafin sabuwar rana ta zo, sai kujerar falo ta fara ɗingishi. Baba ya kifa ta, ya girgiza kai, aka sake ɗaga tafiya. Bayan kujera sai gadonmu ya kama kuka. Bayan gado sai durowar kicin ta ƙi shiga. Kowane karo maigidan ya saɓa hula ya tafi taga ta ƙarshe, kowane karo a karɓi kuɗin sauyi sabo fil, don ba a cewa ai ka biya wancan makon. Akwai ran da ya sha'afa sai da safen tafiyar, ya fita da takalmi wari da wari yana gudu, saboda da jirgin ya tashi, tikitin ya zama takardar ƙunshe gyaɗa. Ya dawo yana haki, ya ce yana miƙa takardar jirgin yana shigowa tasha.

Sau ɗaya ne ya yi zaton sa'arsa ta zo. Sabuwar ranar da ya zaɓa tsakiyar mako ce, tikitinta ya fi wanda ke hannunsa araha. Ina tsaye kusa da shi na ga idonsa ya kawo haske. Ya miƙa tafin hannu ta ƙasan gilashi.

"Yau kuma ku ne za ku cika mini bambanci."

"Ba ma cikawa," in ji mai tikiti. "In sabon ya fi tsada ka cika, in ya fi araha shi ke nan. Kuɗin sauyi dai yana nan."

"Wato in ya hau nawa ne, in ya sauka naku ne?"

"Ka gane ke nan."

Ni ce na gaji na sa baki. Na ce mata, to in an fasa tafiyar gaba ɗaya fa? Ta ce fasawa ba wanda zai hana mu, amma ko sisi ba zai dawo ba, don da wannan sharaɗin aka sayar da shi da araha. Maigidan ya ce to a sa sunan maƙwabcinsa na shago, yana da tafiya can. Ta ce tikitin na wanda aka rubuta sunansa ne. Ya ce to a mai da shi na wani gari kusa, shi da kansa zai je ya sha iska ya dawo, don dai kada kuɗin su tafi a banza. Ta ce inda za a tashi da inda za a sauka ba sa sauyuwa, rana da lokaci kawai.

"Hanya ɗaya ce kuɗin irin wannan tikiti ke dawowa," ta ce. "In mu muka soke jirgin, ko ya yi mugun jinkiri har fasinja ya fasa. Wannan laifinmu ne. In kai ka sauya ra'ayi, naka ne. Kuma shawara kyauta, tunda kana son kyauta: ka bar wannan ya mutu. Ran da tsohon ya shirya da gaske, ka sayi sabo."

"In bar shi ya mutu?" Mijina ya dafe ƙirji. "Bayan duk abin da ya ci?"

Da yamma na gwada Baba da dabara. Na ce, "Baba, takardar nan ta ishe mu da zirga-zirga, me zai hana a yaga ta kawai?" Ya ajiye gudumar da ke hannunsa ya dube ni kamar na zagi wani babba.

"A yaga? Abin da yaron nan ya saya da guminsa? Auta, ashe zaman birni ya lalata ki haka?"

A kan wannan magana dai bakin suruki da suruki ya zo ɗaya. Takarda ƙarama da ba ta kai tafin hannu ba ta zauna mana a gida, ba ta komawa, ba ta yaguwa, kuma kullum tana tuna wa kowa cewa akwai ranar tafiya.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda kayan gidanmu suka haɗa baki suna lalacewa bi da bi, kuma ba sa lalacewa sai tafiya ta matso. Na fara zargin Baba. Wata rana bayan azahar, yana barcin rana, na shiga ɗakin cin abinci neman almakashi, sai na ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin tebur. Na san takalman. Na sunkuya. Ga maigidana kwance rigingine, ya baro shago a hannun maƙwabci, yana ta fama da ƙafar tebur da sukundireba, gumi na zuba.

"Gyara nake yi," ya ce da sauri.

"Gyara ake juyawa hagu?"

Ya fito da rarrafe, ya zauna a ƙasa, ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Ki rufa mini asiri. Kujerar ma ni ne. Da gadon. Durowar ce kawai ban sani ba, ita da kanta ta yi."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutumin da ke tsaga ƙwayar ashana gida biyu don ta yi auki, shi ne ke ɓata kayansa da hannunsa, sannan ya je ya biya kuɗin sauyi yana ƙorafi.

"Me ya sa?" na tambaye shi.

"Wa zai koma ya tarar? Ke ba ki ga yadda ya zo ba? Kamar tsumma. Yanzu dubi yadda yake cin abinci. Jiya har dariya ya yi mini. To, ba ni ya yi wa ba, bango ya yi wa, amma ina wurin."

"To ka ce masa ya zauna mana."

"Ni? In dubi idon Baba in ce masa me? Ni da na miƙa masa tikiti ran da ya fito asibiti? Sai daga baya na gane abin da na yi, har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ke ce 'yarsa, ki faɗa masa."

Na gwada, Allah ya sani. Da la'asar na kai masa shayi na ce, "Baba, ai da ka yi zamanka tare da mu." Bai ko ɗago ba. Ya ce gidan 'ya mace wurin ziyara ne, kuma mai gida ya riga ya sayi tikiti, mutum mai hankali ba ya jira a faɗa masa abu sau biyu. Sannan ya tambaye ni ko na lura teburin cin abinci yana rawa.

Aka shirya ɗaga tafiya saboda tebur. Sai dai a wannan karon ranar zuwa tasha ta faɗo daidai da ranar da likita zai duba idon Baba dubawar ƙarshe, ana gobe tafiyar ke nan, kuma asibitin da tashar hanya ɗaya ce. Daga asibiti muka wuce tasha, muka ce wa Baba ya jira mu a benci daga bakin ƙofa. Baba kuwa bai iya zama ba. Ashe ya biyo mu yana duba yadda aka haɗa katakon kantar, har ya zo ya tsaya dab da bayanmu.

Mai tikiti na ganin mijina ta yi murmushi. "Mutumina! An sake ɗagawa? Kuɗin sauyi kamar kullum, da ɗan ciko. Ka san abin da ka zuba wa tikitin nan zuwa yau ya isa ya sayi mai sassauci, wanda ake sauyawa yadda aka ga dama, har a yi ragowa mai kauri?"

"Kuɗin me?"

Muryar Baba ce. Mijina ya daskare da hannu a aljihu.

Baba ya matso ya gaishe ta, ya ce shi ne mai sunan da ke kan takardar, yana so a yi masa bayani dalla-dalla. Ita ba ta san komai ba, ta yi masa. Kowace ɗagawa da kuɗinta. Na ga Baba yana lissafi da leɓe: ƙofa, kujera, gado, durowa. Fuskarsa ta sauya, ba fushi ba, kunya ce tsantsa, irin ta mutumin da ya gano ya daɗe yana cin abincin da ba a ɗebo da shi ba.

"Auta," ya ce a hankali, "ki ce wa mijinki ya mai da kuɗinsa aljihu. 'Yata, bar takardar yadda take. Gobe zan tafi."

"Baba, teburin fa?" in ji ni.

"A sa masa kwali a ƙafa."

Da muka isa gida Baba ya mayar wa maƙwabci zartonsa, ya share tsakar gida, ya ninke zanen da yake ɗaurawa ya ajiye mini a kan gado. Ya ɗan daɗe shi kaɗai a kicin, na ɗauka ruwa yake sha. Maigidan kuwa ya zauna a falo da fitila a kunne da rana tsaka bai ko lura ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ni na shiga ɗaki na yi kukana. Haushinsu nake ji su biyun, da na kaina, manya uku a gida ɗaya an rasa mai iya faɗin magana ɗaya.

Da safe muka isa tasha da wuri, don Baba bai yarda da makara ba. Mijina na ɗauke da jaka, ya ƙi ba ɗan dako. Muka tarar da mutane cirko-cirko a gaban allon sanarwa, ana ta surutu. Lasifika ta yi ƙara, aka ba da haƙuri, aka ce jirgin safe mai zuwa garin su Baba an soke shi saboda matsalar inji, masu tikiti su je taga.

Muka bi layi har muka iso gaban mai tabarau. Ta ga mijina, ta ga Baba, ta yi dariya har da tafa hannu.

"Yau dai ranarka ce. Mu muka soke, don haka zaɓi biyu ne. Ko Baba ya shiga jirgin rana da wannan tikitin, ba ƙarin ko sisi. Ko ya fasa tafiya, a mayar da kuɗin tikitin duka, har da cikon da aka yi ta yi, ba tare da an cire komai ba."

"Har da kuɗin sauyin?" Bakin mijina ne ya riga shi, halin ba ya ɓuya.

"Ban da shi. Wannan an riga an danna."

Ta ɗora yatsa a kan na'ura tana jira. Sai a lokacin na gane halin da muke ciki. Wata da watanni kowa yana laɓewa a bayan takardar nan. Baba ya ce dole ya tafi don ba a mayar da kuɗi, mijina ya ce dole a ɗaga don ba a mayar da kuɗi. Yau ga shi ana mayarwa. Ba asarar da za a guje wa, ba tebur, ba ƙofa. In Baba ya hau jirgin rana, don ba a ce ya zauna ba ne.

"Jirgin ranar ƙarfe nawa ne?" in ji Baba, yana gyara hula.

Na buɗe baki, amma mijina ya juyo gare ni. "Ki ce wa Baba…" Ya tsaya. Ya ajiye jakar a ƙasa. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba, ya juya ya fuskanci Baba kai tsaye, ko da yake idonsa a kan maɓallin rigar Baba yake.

"Baba, ni ne nake kwance kayan gidan. Kujerar, da gadon, da teburin."

Wani mutum a bayanmu ya ce, "Ikon Allah."

"Na sani," in ji Baba. Shi ma ba ta kaina ya biyo ba. "Duk ka cinye kan sukurun. Wanda ya koya maka riƙe sukundireba ya cuce ka."

"Ka sani?"

"Na ɗauka so kake a gyara maka gida kyauta kafin in tafi. Na ce to, ai halinsa ne, kuma ni ma ban ƙi ba."

Mai tikiti ta cire tabarau tana goge ido don dariya. Kowa a layin ya manta da jirginsa. Kunnuwan mijina suka yi kamar za su kama wuta.

"Ba gyara nake so ba, Baba. Tikitin nan kuskure na yi, arahar ce ta ruɗe ni, wallahi ba korarka nake ba. Ko ba abin gyara, ko ƙusa ɗaya ba za ka ƙara bugawa ba, ka zauna. Gidan ya fi daɗi da kai. Ni ban tashi da uba ba, ban san haka abin yake ba sai yanzu."

Baba ya daɗe yana kallon kantar. Ya shafa gefen katakon da babban yatsa kamar mai neman inda aka yi ha'inci.

"Bayin Allah, akwai mutane a bayanku," in ji mai tikiti, amma a hankali ta faɗa. "Jirgin rana, ko a mayar?"

Baba ya zaro takardar daga aljihun gaba. Duk ta yi laushi don ninkewa. Ya tura ta ƙarƙashin gilashi.

"Mayar wa yaron nan kuɗinsa, 'yata. Ya sha wahala a kansu."

Ta buga hatimi, ta ƙirgo kuɗin ta miƙo. Mijina ya dunƙule su ya cusa a aljihu bai ko duba ba, ya sunkuya ya ɗauki jaka. Mai tikiti ta bi shi da kallo baki buɗe, ta ce mini, "Lafiyarsa kuwa?"

A mota Baba na gaba, ni ina baya. Da muka yi nisa sai na ga yana laluben aljihun wandonsa. Ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya zuba mini wasu 'yan sukuru a tafin hannu, da ɗuminsu.

"Na mene ne, Baba?"

"Na ƙofar kabad ɗin kicin ne. Jiya na cire, na bar guda ɗaya yana riƙe da ita. Durowar ma ni ne." Ya yi gyaran murya, yana kallon titi. "Cewa na yi in ta faɗo bayan na tafi, wataƙila ku kira ni."